Layukan da Aka Cire daga Katin Hamada

Ni ba malamin labarin ƙasa ba ne tun asali. Takardar malanta mai daraja ta biyu gare ni, kuma firamare na yi ta koyarwa a Ƙaura Namoda har furfura ta fara fito mini. Da aka ba mu jihar Zamfara, malamai da yawa suka koma Sakkwato. Da aka fara maganar Shari'a kuma, wasu 'yan Kudu suka tsorata da jita-jita suka haɗa kayansu. Haka aka ɗauke ni aka kai wata sakandaren maza a ƙasar Zurmi, aka ce in riƙe 'yan ajin ƙarshe, ga jarrabawar fita tana tafe.

Malamin da na gada ɗan Kudu ne, mutumin kirki. Kafin ya hau mota ya zaunar da ni ya nuna mini yadda yake yi. A littafin akwai dogayen bayanai kan wuraren da wata masifa ta taɓa: zaizayar ƙasa a gabashin ƙasar nan, ambaliya a Bangaladash, fari a yankin Sahel. Yaranmu ba su iya riƙe wannan Turanci mai yawa. Sai ya yanka kwali kamar faɗin tafin hannu biyu, ya rubuta sunan wurin a sama, ya raba sauran gida uku: dalili, illa, mataki. A gidan dalili ya ware abin da yanayi ya jawo da abin da mutane suka jawo. A gidan mataki kuma, kowane dalili na hannun mutum sai an samar masa matakin da ya dace da shi. Tunda duk katunan tsarinsu ɗaya, in ka jera biyu sai ka ga inda suka yi kama da inda suka saɓa. Gaba Turanci, baya Hausa.

Na karɓi aikin hannu biyu. Masu shaguna suka riƙa tara mini kwalin sukari da na sabulu. Abin da na ƙara nawa shi ne hadda, don da ita muka tashi tun makarantar allo. In na ɗaga kati na ce, "Zaizayar gabas, dalili?" sai aji ya ɗauka baki ɗaya: ruwan sama mai ƙarfi, ƙasa mai saurin ɓarkewa, gangare, sare daji, noma a jikin tudu. Yara suka so abin, har waƙa suke yi da shi a hanyar gida.

A ajin akwai wani saurayi Bafulatani daga wata ruga wajen Birnin Tsaba. Shi kaɗai ne ɗan makiyaya da ya kai ajin ƙarshe a makarantar. Dogo ne, ba ya son magana, a keke yake zuwa. Mahaifinsa ne ya tsaya masa, baffansa kuwa tun farko cewa yake boko ba ta koya wa yaro komai sai raina gidansu. An yi da su cewa in ya gama jarrabawa zai nemi makarantar koyon aikin dabbobi. Abin da ya rage masa bai kai damina ɗaya ba.

Da muka zo kan kwararowar hamada na ce wannan ba sai mun je Sahel ta littafi kaɗai ba, ga ta a bayan makaranta. Na raba su rukuni biyu, kowa ya tambayo dattawan gidansu ya kawo kati. 'Ya'yan manoma suka kawo nasu: ƙarancin ruwan sama, da shanun da ke cinye ciyawa har saiwa suna tattake ƙasa. Rukunin da ɗan rugar yake suka kawo: an nome burtalin da shanu ke bi zuwa gulbi, an yanka gonaki a cikin makiyayar gabas da gari, saboda haka dabbobin suka taru a ɗan abin da ya rage, ga masu saran itace suna loda motoci zuwa gidajen burodin Ƙaura, ga gona ba a barinta ta huta.

Aka yi musu mai daɗi ranar.

"Malam, shanunsu ne fa," in ji wani ɗan Moriki mai surutu. "Ko doron jakinmu ya fi makiyayar nan gashi."

"To jakin naku ya koma can ya yi kiwo," in ji ɗan rugar, ko murmushi bai yi ba. Aji ya fashe da dariya, har shi mai jakin.

Na ce duka biyun gaskiya ne, kuma littafi ma ya kawo su. Muka haɗa kati ɗaya. Kowane dalili da matakinsa: a fitar da burtali a kafa masa alama, a rage taruwar dabbobi wuri guda, a dasa shingen itatuwa, a zuba taki a bar gona ta huta. Muka jera shi da katin zaizayar gabas. Yara da kansu suka gano cewa can ruwa ya yi yawa, nan ya yi kaɗan, amma sare itace da takura wa ƙasa suna cikin duka biyun. Ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar ranar ba.

Makarantar na da injin gurza takarda guda ɗaya, kuma ba a gurza komai sai mataimakin shugaban makaranta ya sa hannu. Na kai masa katunan don kowane yaro ya samu nasa. Mutum ne mai digiri, ya girme ni a aiki, na girme shi a shekaru. Ya duba na Bangaladash ya wuce, ya duba na gabas ya wuce. Da ya zo kan namu sai ya cire tabarau.

"Malam, wanga kati ya cika da yawa. Kati ba littafi ba ne."

"Ranka ya daɗe, layukansa daidai suke da na gabas."

"Wa ya ce ka sa makiyayar gabas da burtali? Suna cikin manhaja?"

"Jarrabawa na son misali da sunan wuri. In an cire wurin, mi ya rage?"

"Ka bar min shi, zan gyara."

Duk garin an san wanda ya samu gona a cikin makiyayar nan lokacin da aka yi rabo bayan sabuwar jiha. Ni ma na sani. Amma ban zaci mai digiri zai sa hannu a karatun yara saboda gonar gero ba.

Da takardun suka fito aka raba wa yara ba na nan, na tafi gaisuwar mutuwa Shinkafi. A gidan dalili an bar abu biyu: ƙarancin ruwan sama, da kiwo fiye da kima. A gefen Hausa ma ba a wahalar da kai ba, an rubuta "fari" da "shanu". Gidan mataki kuwa an bar dasa itatuwa da zuba taki suna rataye ba dalilin da suke amsawa, an ƙara "a hana kiwo barkatai". Ko yaron aji ɗaya ya san wannan ba kati ba ne. In ba a sare itace ba, me ya sa za a dasa?

Kafin in dawo har sun haddace. Na shiga aji na tarar wani ya hau benci yana kwaikwayon muryata: "Hamada, dalili?" Aji ya ce, "Shanu!" duk sun juya suna kallon kujerar baya inda ɗan rugar yake zaune. A cikin 'yan kwanaki abin ya fita daga ajina. 'Yan ƙananan aji da ba su san me ake nufi da hamada ba, in ya wuce da kekensa sai wani ya ce "Dalili?" sauran su amsa. A bakin rijiya haka, a tasha haka.

Na karɓe takardun na ce kowa ya kwafi katin asali daga allo. Mataimaki ya aiko a goge allon. Na same shi a ofishin malamai, gaban kowa.

"Ranka ya daɗe, ka yanke karatu ka mai da shi zagi. Ka ji abin da yara ke yi?"

"Wasan yara ne. Manomi da Bafulatani yau suka fara tsokanar juna?"

"Tsokana daban, wanga daban. Wanga da hatimin makaranta ya fito."

"Malam, kai firamare aka ɗauko ka. Abin da ofis ya buga shi ne karatu."

Na kalli sauran malamai. Wani ya duƙufa kan jan biro, wani ya tashi wai zai yi alwala, alhali ko azahar ba ta yi ba. Shugaban makaranta da na kai masa ƙara ya ce mu sasanta, mu manya ne. Har yau in na tuna wannan "ku sasanta" raina ɓaci yake. Me za a sasanta? Ko dai an nome burtali ko ba a nome ba.

A gwajin da aka yi kafin babbar jarrabawa, mataimaki ya ce shi zai duba takardun labarin ƙasa, wai don a tabbatar da inganci. Tambayar hamada ta fito. Ɗan rugar ya rubuta dalilan nan duka, kowanne da matakinsa, amsar da kowane mai duba jarrabawa zai ba maki. Aka ja mata jan layi daga sama har ƙasa, aka rubuta cewa ba abin da aka koyar ba ne. Da aka raba takardu ya miƙe ya ce a nuna masa layin da yake ƙarya. Aka ce ya yi wa malami rashin kunya, aka yi masa bulala a gaban asambili. Yana kwance ana dukansa, daga layin baya wani yaro ya ce "Dalili?" a hankali, wasu suka yi dariya. Ba wanda aka hukunta a kan wannan.

Washegari kekensa bai zo ba. Ranar Asabar na ari babur na tafi rugar. Mahaifin ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono. Baffan ne ya yi magana, da takardar makarantar a hannunsa. Wani ya karanta masa gefen Hausa.

"Malam, kai ka rubuta wagga?"

"Ba ni ba ne, Baffa. Abin da na rubuta ya fi haka."

"Amma daga makarantarku ta fito."

"Daga can ta fito."

"To mun jiya. Mu ne muka kawo hamada. Sai mu ɗauke muku shanun ku ga ko ruwa zai sauka."

Na roƙe su. Na ce jarrabawar da ke tafe ba mataimaki ne zai duba ta ba, wasu ne can nesa da ba su san gonar kowa ba, kuma amsar yaron daidai take. Na ce ya zauna gidana a gari har a gama, ba sai ya shiga aji ba. Mahaifin ya kalli ɗansa ya ce shi ya zaɓa. Saurayin yana tsaye jikin turke, bai zauna ba tun zuwana, saboda bulalar ba ta warke ba.

"Malam, na gode," ya ce. "Amma ranar jarrabawa a ɗaki ɗaya za a sa mu da su, kuma mataimakin ne zai tsaya bakin ƙofa."

Na miƙe na yi musu sallama. Da kaka ta wuce suka yi kudu da shanu, saurayin ne a gaba. Ranar jarrabawar labarin ƙasa ina cikin masu tsaron ɗaki. Mataimaki ya kira lambarsa har sau biyu, ya juyo ya tambaye ni ko na san abin da ya hana yaron zuwa.