Cikin da waya ta ci gaba da lissafawa

Ina aikin ungozoma a Birnin Kudu lokacin da wasu samari daga Kano suka kawo manhajar da mata masu ciki ke yi wa tambaya ta waya, tana amsa musu da murya. Shugabansu injiniya ne mai fara'a, amma in ya kafe, sai Allah.

Ya bayyana mana cewa manhajar ba ta tuna kowa da kanta. Da an kashe waya hirar ta wuce, sai ɗan bayanin da aka adana a ƙarƙashin lambar mace, wanda za ta karanta in matar ta dawo. Me za a adana? Ya ce ranar da ciki ya shiga, ciwon da mace ke da shi, da magungunanta.

Na ce, "Ciwo a riƙe. Ciki kuwa, a riƙa tambaya ko yana nan kafin a yi maganarsa."

"Hajiya, in ana maimaita tambaya gajiya suke yi su daina kira."

"Malam, ba kowane ciki ke kaiwa haihuwa ba. Kuma matar da ta yi ɓari ba ta shela. A gida ma haƙuri ake ba ta, a rufe zancen. Waya za ta gaya wa?"

Ya ce za su duba. Na san irin wannan dubawar.

Bayan damina wata mata daga Gwaram, wadda nake lura da hawan jininta, ta zo wurina. Cikinta ya zube yana wata biyar. Ta ce rannan ta kira don tambaya kan ciwon kai, sai muryar ta tarbe ta da murna: wata takwas ya cika, ta haɗa kayan haihuwa? Daga ranar da aka adana take ƙirgawa, ba wanda ya tsayar da ita.

Ta ce mini, "Inna, kowa ya yi shiru, ita kaɗai ta ƙi."

Raina ya ɓaci matuƙa. A gabanta na kira injiniyan, na ce a goge cikin, a bar hawan jinin, don shi za a fara dubawa in Allah ya kawo wani rabon. Ya yi ta ba da haƙuri, ya ce a dunƙule suka adana bayanin, ko a goge duka ko a bar duka. Gyara sai nan gaba.

Na roƙe ta ta ɗan jira. Ta girgiza kai, ta ce a goge.

Da ya gama, ta kira don ta tabbatar. Muryar ta yi mata sannu da zuwa kamar baƙuwa, ta tambaye ta ko tana da juna biyu.

Matar ta ce, "A'a."