Silin Ɗakin Abba

Hajja Maijidda mai bandar kifi ce a Guri, kuma duk mai sarin kifi daga Haɗeja ya san ƙofar gidanta. Da wannan sana'a ta riƙe gida tun rasuwar mijinta, da ita ta aurar da 'ya'yanta mata. Namiji ɗaya Allah ya ba ta, Zainulabideen, wanda take kira Abba saboda sunan mahaifinta ne. Aikin tuƙi ya kai shi Fatakwal, can ya yi aure, har ya haifi 'ya'ya biyu da Hajja ba ta taɓa goyawa ba.

Sau ɗaya ya taɓa kawo matarsa gida. Aka sauke su a tsohon ɗakin mahaifinsa mai silin filawud, wanda laima ta ɓanɓare shi falle-falle, gara kuma ta cinye gefensa. Hajja ta ga yadda matar take kakkaɓe garin katako daga mayafinta kowace safiya. Tun daga nan ba su sake zuwa tare ba, Hajja kuwa ta ɗora laifin a kan ɗakin.

Sannu a hankali ta gina musu sabo, aka rufa kwano. Da aka zo kan silin sai ta kira Ja'afaru kafinta, ɗan ƙanen mijinta. Ya zauna ya yi mata bayani: filawud ya fi araha, sai dai ta riga ta ga ƙarshensa. Silin roba ba ruwansa da laima ko gara, ba ya buƙatar fenti, amma ana ganin layin haɗinsa, kuma in aka manna shi kusa da kwano zafi kan lanƙwasa shi. Allon filasta ya fi su kyau, ya fi su tsada, in an shafe shi sumul yake fita kamar ƙwai, sai dai yana shan danshi.

Hajja ba ta saurari ƙarshen zancen ba. Duk sanda Abba ya kira ta a waya mai hoto, farin silin ne sumul take gani a saman kansa. Irinsa take so jikokinta su buɗe ido su gani, don kada su ji sun zo baƙon wuri.

"Hajja, garinmu fa a kan ruwa yake zaune," in ji Ja'afaru.

"Na sani. Sa mini mai kyan."

Ya sa mata. Ɗakin ya yi kyau har maƙwabta suna leƙowa kallo. Ta shimfiɗa sabon zanen gado, ta kulle ƙofa da taga don kada hayaƙin banda ya ɓata farin, ta aika wa Abba cewa ɗaki ya kammala. Ya ce sai bayan damina.

Daminar ta zo da ƙarfi. Kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya kwanta a unguwa har gindin katanga. Bai shiga ɗakin ba, amma bango ya tsotse shi, iska mai ɗauke da ruwa kuma ta sami kafa a bakin kwano. Ranar da Hajja ta buɗe ƙofa, warin fumfuna ne ya tare ta. Silin ya yi ciki, ya yi taswira baƙi-baƙi, kusurwa ɗaya ta zubo a kan gado kamar jiƙaƙƙen alli. Hajja ta naɗe zanen gadon ta fita da shi.

Ja'afaru bai tuna mata maganarsa ba. Da ƙasa ta bushe ya toshe yoyon, ya sauya katakan da suka ruɓe, ya ɗauko farar roba marar zane daga Haɗeja, ya bar tazara tsakaninta da kwano. Ya roƙe ta ta riƙa buɗe taga ɗakin yana shan iska. Hajja ta ɗaga kai ta dubi layukan haɗin, ta ce ba irin na can ba ne, amma a bar shi.

Abba ya zo bayan girbin shinkafa, shi kaɗai, wai yara suna makaranta. Ya kwana a ɗakin, ya yaba. Da Hajja ta ba shi labarin silin farko da dalilinta, sai ya sunkuyar da kai.

"Ba ɗaki ne ya hana mu ba, Hajja. Hanya ce da nisa, aikin kuma ba hutu."

Ta ce ta gane. Ta cika masa kwali da bandar tarwaɗa, ta ware ƙanana marasa ƙaya ta ce na yara ne. Ta raka shi har tasha, abin da ba ta saba ba, tana tambayarsa tsawon babbar yarinyar. Ya nuna mata daidai ƙugunsa. Bayan motar ta tashi, Hajja ta biya kasuwa wajen mai atamfa, ta gwada masa tsawon da hannunta, ta ce ya ƙara kaɗan saboda yara ba sa jira.