Sakamako Biyu da Suka Saɓa wa Littafi

Ɗalibai suna kiranta Kwastan, amma a bayan idonta. Ta sani, ba ta kuma ji haushi ba, don a ganinta duk takardar da aka miƙo mata akwai kayan sata a ciki sai in ta bincika ba ta samu ba.

A shagon gyaran rediyo na mahaifinta ta koyo wannan hali. Tana ƙarama takan zauna ta ji mutane suna rantsuwa cewa rediyon da kanta ta mutu, Baba ya kwance bayanta ya tarar da ruwa ko tsagewar faɗuwa. Ba ta taɓa jin wanda ya ce, "Ni na yar da ita" ba. Da Baba ya rasu, Yayanta ya gaji shagon, ya mai da shi na gyaran waya, da shi kuma ya ɗauki nauyin karatunta har ta zama malamar kimiyyar kwamfuta a jami'a. Yanzu ɗan Yayan, wanda gida da makaranta duk ake ce wa Dogo, yana cikin ajinta na shekara ta biyu.

Aikin da ta ba su kowace shekara ake bayarwa. Za su rubuta hanyoyi biyu na jera lambobi daga ƙarami zuwa babba, su auna lokacin da kowace ke ci, su nuna sakamakon a zane. Ta farko bubble sort, mai bin jeri tana duba maƙwabta biyu-biyu, in na gaba ya fi ƙanƙanta ta musanya su, ta sake zagayowa, har sai ta yi zagaye ɗaya ba ta musanya komai ba, sannan ta tsaya. Ta biyu merge sort, mai raba jeri gida biyu, ta sake raba kowane, sannan ta haɗo su a jere. Kowa a ajin ya san amsar tun kafin ya kunna kwamfuta: in lambobin da ke a hargitse suka ninka, lokacin bubble kan ninka kusan sau huɗu, na merge kuwa ya ɗan wuce ninki biyu kaɗan. Bana ta ƙara musu da ɗan shirin kwamfuta na auna lokaci da ta rubuta da hannunta, ta ce kada wanda ya taɓa shi, don ta toshe ƙofar ƙarya.

Ranar da ta zauna duba aikin a ofishinta, fanka na kaɗa takardu tana danne su da kofin shayi, sai ga zane bayan zane duk sun fito kamar na littafi. Sai guda biyu suka saɓa. A cikinsu bubble ce ta tsere wa merge, har a lambobi dubu goma. Ɗaya na wani yaro ne da ake kira Mai Gilashi. Ɗayan na Dogo. Ɗakinsu ɗaya a makaranta.

Ranta ya ɓaci. Mutum biyu za su iya dacewa da gaskiya ɗaya, amma shirme iri ɗaya, daga ɗaki ɗaya? Lambobin sun ɗan bambanta, ita kuwa wannan ma ya ƙara mata zargi, don ɓarawo mai wayo ba ya barin kaya da fentin mai shi. Hukuncin satar aiki a sashen ba wasa ba ne, faɗuwa ce da zuwa gaban kwamiti. Ta kuma san ana jira a ga ko Kwastan za ta ɗaga wa ɗan gidansu ƙafa. Kafin ta kira yaran, sai ta kira Yaya a waya, wai don kada ya ji a bakin wani.

"Yaya, ɗanka ya kwafi aikin wani, ko an kwafi nasa da saninsa. Ko ta ina dai bai fita ba."

Tana jin hayaniyar titi ta bayansa. "Kin tabbata?"

"Yaya, aikina ne fa."

Washegari da hantsi yaran suka shigo. Idon Dogo ya yi ja.

"Gwaggo, ina kwana."

"Gwaggo tana gida. Wa ya kwafi na wa?"

"Malama, wallahi ko allon kwamfutarsa ban leƙa ba," in ji Mai Gilashi. "Wannan ko cajarsa ba ya ba da aro, balle aiki."

Ba ta yi dariya ba. Ta jera ayyukan biyu a kwamfutarta. Rubutun shirin ya bambanta, amma ta sha ganin waɗanda suka fi haka iya ɓad da kama. Ta ce wa Dogo ya kunna nasa a gabanta, tana tsaye a kansa. Merge ta gama. Bubble ta gama kafin ta ƙifta ido. Ta ce ya sake, haka ya sake fitowa. Ta ture shi ta zauna, tana neman inda ya ɓoye dabarar, layi bayan layi, ba ta samu ba. Da nasa ya ƙare, abin da ya rage sai nata shirin.

A nan ta gani. Shirinta jeri ɗaya yake haɗawa, ya miƙa wa merge, ita kuma ta jera shi a inda yake, kamar yadda ta umarce su su rubuta. Sannan ya miƙa wa bubble wannan jerin dai, wanda an riga an jera. Bubble ta bi sau ɗaya, ba ta ga abin musanyawa ba, ta tsaya. Ta manta ta ba kowace nata kwafin na hargitsattsen jerin.

Ta gyara layin, ta kunna. Bubble ta tsaya tana jan ƙafa yadda littafi ya ce.

Sai wani tunani ya zo mata wanda ya fi na farko ɗaci. Duk wanda ya bi umarninta ya kunna shirin da gaske, abin da yaran nan suka samu shi zai samu. Ta buɗe aikin yarinyar da ta fi yarda da ita a ajin. Shirin auna lokacin yana nan yadda ta ba su, ba a taɓa ba. Ta kunna: bubble ce a gaba, alhali zanen da yarinyar ta miƙo na littafi ne sak. Ta buɗe wani, haka. Ta buɗe wani kuma, haka. Sun ga amsar ta saɓa, ko ma ba su kunna ba, suka zana abin da suka san Malama na so.

"Kai kuma," ta ce wa Dogo, muryarta ta sauka, "ka san ba daidai ba ne, me ya sa ka kawo?"

"Abin da ya fito ke nan. Ke kika ce kada a ƙirƙiri lamba."

Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji a gaban ɗalibi ba. Ta sallami Mai Gilashi da ban haƙuri, ta kira Yaya nan take, ta faɗa masa komai, ba ta rage laifinta ba.

"To, alhamdu lillahi," in ji Yaya. Sai ya ja numfashi. "Amma jiya na kira shi. A gaban yaran shago na ce masa ban haifi ɓarawo ba, in shi ne to ya nemi wani uban. Ya rantse mini, na ce Gwaggonka ba ta ƙarya. Yana kusa? Ba ni shi."

Ta miƙa wa Dogo wayar. Ya dube ta, ya dubi wayar, hannayensa na bayansa.

"Malama, zan iya tafiya? Ina da wani ajin."