Layin Da Na Ƙara A Saƙon Mayar Da Kayanta

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ina sayar da hatsi a unguwar Kpakungu, ina sarowa daga Paiko. Ina ganin kaina mai haƙuri, alhali ba a taɓa gwada haƙurin nawa ba.

Na rabu da matata, 'yar Bida ce, bayan shekara huɗu, Allah bai ba mu haihuwa ba. Idda ta cika, ta tare wurin gwaggonta a Sauka Kahuta, amma kullum sai mun yi waya, rabi gaisuwa rabi gori. Kekenta na ɗinki da akwati biyu da jakar takardun makarantarta duk suna ɗakina. Yayata ce ta zaunar da ni, ta ce wannan ba aure ba ne ba kuma rabuwa ba, in ji tsoron Allah in sallami 'yar mutane. Ta ce in tura saƙo gajere, in faɗi kayan ɗaya bayan ɗaya, da rana, da wanda zai kai, kada in sa tambaya, kada in sa zargi.

Na fara rubutawa da ajami a takarda, don a nan hannuna ya fi nutsuwa. Sallama, sai kayan, sai cewa Yaya za ta kai su gidan gwaggo ranar Asabar bayan la'asar, in akwai abin da na manta a gaya wa Yaya. Sai cewa daga nan mu daina kiran juna, Allah ya haɗa kowa da alheri. Yaya ta ji, ta ce ya yi. Amma da na zo kwafewa a waya, zuciya ta raya min cewa an bar tsohuwar matata ta tafi a banza. Na ƙara layi ɗaya, cewa na yafe mata duk da abin da ta yi min, na tura.

Ba ta ce komai kan kayan ba. Tambayata ta yi me ta yi min, ni kuma na lissafa. Mako uku muna jifan juna, ta ce kada Yaya ta taka musu gida, ni ma na rantse kayan ba za su fita ba sai an zo an roƙa. A cikin makonnin aka kira ta tantancewar aikin koyarwa, takardunta na kulle a ɗakina. Na sani, na ƙi aika mata su. Aikin ya wuce ta. Wanta ne ya zo da a-daidaita-sahu ya kwashe kayan, ko sallamata bai amsa ba. Gwaggon da take ce min ɗana, yanzu in ta hango ni a kasuwa sai ta sauya layi.

Har yau ina jin haushin abubuwan da tsohuwar matata ta faɗa min, ba zan ɓoye ba. Amma haƙƙin aikin nan yana wuyana, istigfari kuma ba ya ɗauke haƙƙin wani, ga shi ta rufe lambata. 'Yan'uwa, in rabuwa ta zo, ku faɗi kaya da rana da ɗan aike, ku yi addu'a, ku ajiye wayar. Yafiyar da aka tura don ta yi ciwo, Allah ya san ba yafiya ba ce.