Lafiyar Shebur

Mai tifa ya shekara ashirin yana kwasar yashi, amma tun da waya ta zo ya daina zuwa duba tsibi.

"A kafa shebur a gindinsa, a turo min hoto," in ji shi. Da tsawon shebur yake auna tsibin, ya san mota nawa zai tura.

Rannan surukinsa magini ya turo hoto, bai faɗa masa ƙotar shebur ta karye, ya koma rabi ba. A lissafi tudu ya ninka, faɗi ya ninka, tsawo ya ninka. Tifa takwas suka yi layi a kan yashin mota ɗaya.

Har yau in an kira mai tifar a waya, kafin ya tambayi iyali sai ya ce, "Ya jikin shebur?"