Liman da lahirar Hindu

A shekarun da nake koyar da kwatanta addinai a jami'a a Gadarif, ina da wani ɗalibi da ya kai sa'an mahaifina. Limami ne a Doka, yana kuma koyarwa a wata makaranta a can. An ce masa in bai kawo shahada, wato takardar kammala jami'a, a shekarar ba, wani zai karɓi ajinsa. Darasina kaɗai ya rage masa, kuma ya taɓa faɗuwa a cikinsa.

Ba jahilci ya kayar da shi ba. An ce a kwatanta lahira a Musulunci da addinin Hindu, sai ya fara daga fitar rai, ya shiga kabari, ya zauna. Shi kuwa in ya ɗauko aya ba ya barin ta a rabi, sai ya kai ƙarshenta da wasullanta. Aka karɓi takarda yana cikin barzahu, Hindu ko gaisuwa ba su samu ba.

Da jarrabawa ta matso na rubuta wa ajin amsar koyi, agogo a gabana, don na tabbata hannun mutum zai iya gama ta. Ban raba ta gida biyu ba. Tambayoyi na jera, kowace addinan biyu su amsa ta tare. Ina rai yake zuwa? A wurinmu barzahu, sannan tashi. A wurinsu sabon jiki. Me yake yanke makoma? Hisabi a gaban Allah, ko karma, aikin da yake bin mai shi. Ina ƙarshe? Aljanna ko wuta, ko moksha, kuɓuta daga maimaita haihuwa. Ayoyi kuwa sunan sura kawai na ambata.

Limamin ya karanta ta a ofishina, ya cire tabarau.

"Ya Ustaz, wannan ai lahira ce ta masu sauri."

"Baba Liman, mai gadin jarrabawa ba ya jira a gama wa'azi."

"Kuma ba raddi ko ɗaya?"

"Kwatanta aka ce. Raddi ka ajiye wa Juma'a. A kowace tambaya kuma fara da nasu, tunda namu ba zai gudu daga kanka ba."

Ya ce zai rubuta "a ganinsu" a farkon kowace jimla tasu. Na ce wannan ma shi ne daidai.

Ranar jarrabawa tambayar ta fito, da ɗan canjin lafazi. Na same shi bayan an tashi, a wurin mai shayi, yana murza yatsu.

"Yaya, Baba?"

"Su dai na kai su moksha lafiya. Musulmi ne na bari a kan siraɗi, lokaci ya ƙare."

Na duba takardarsa a cikin sauran. Sakin layi na ƙarshe ya yanke a tsakiya, sauran kuwa kwatanci ne sosai, aya guda kawai ta sulale masa cikakkiya. Makin ya ishe shi, ya koma ajinsa. Bayan girbi ya aiko mini da riɗi ta hannun wani direban Doka, tare da saƙo cewa Musulmin nan na kan siraɗi ya tsallakar da su a huɗubar Juma'a.