Almakashi da Shafuka Goma Sha Biyu

A ofishinmu na wayar da kan manoma, Almakashi muke ce mata, saboda ba ta iya ganin doguwar jimla ta ƙyale. Shekara tara tana mana fassara a kan kwantiragi, teburinta na jikin nawa, kuma wannan watan ne za a sabunta mata ko a sallame ta.

Darakta ya kawo mata shafukan majigi goma sha biyu kan feshin maganin ƙwari, ya cika su maƙil da Turanci. Ya ce ta sa Hausa a ƙasan kowanne, don a taron akwai baƙi masu ba da tallafi, akwai kuma manoma.

Hausar ta fi Turancin tsawo, ba ta shiga ba. Sai Almakashi ta yi abin da ta saba: ta rage surutun, ta mayar da shi cikin bayanan da mai jawabi kaɗai ke gani, ta raba kowane shafi gida biyu, Turanci hagu, Hausa dama. Wanda ya cushe ta tsaga shi, suka zama ashirin. Ta kunna majigi, ta je kujerar ƙarshe ta zauren, ta karanta su ɗaya bayan ɗaya.

Darakta ya gani, ya kumbura.

"Wa ya ce ki taɓa min rubutu? Sha biyu na ba ki!"

"Ranka ya daɗe, ba zai ɗauka ba. Ko dai rubutun ya zube, ko ya ƙanƙance."

"Ki matse shi mana. Ba kwamfuta ba ce?"

Ta ƙi. Shi kuwa gwanin, ya zauna da kansa ya liƙa cikakkiyar fassarar a ƙasan Turancinsa. Inda kwamfuta ta rage girman haruffa, suka koma kamar tururuwa. Inda ba ta rage ba, rubutun ya gangara ya fita daga shafin. Bai lura ba, Turancinsa kawai yake duba.

Ranar taro, a shafi na tara, Hausar ta tsaya a kan "Kada a girbe kayan lambu sai bayan". Wani dattijon manomi ya ɗaga hannu.

"Bayan me, Malam?"

Darakta ya waiga, ya ga allon, ya yi dariyar yaƙe. "Aikin mai fassararmu ne, a yi haƙuri."

Wallahi raina ya ɓaci, amma na kau da kai. Ni ma kwantiragi gare ni.

Ba a sabunta mata ba. Tana kwashe kayan teburinta sai ga Darakta ya leƙo, ko kunya babu. Wai akwai wani taron ranar Laraba, ina ta ajiye shafuka ashirin ɗin nan nata?

Na yi mata ido, ina nufin ta ce masa ta goge su. Ba ta kalle ni ba. Ta zauna, ta tura masa.

"Manoman ne za su ci ganyen," ta ce da ni, ta ɗauki jakarta.